Babi na Shida: Yadda Ake Karɓar Adireshin Imel da Yardar Mai Shi

Duk wanda ya taɓa shirya horo na kwana ɗaya a Garwa ya san takardar da ake zagayawa da ita a cikin zaure: suna, lambar waya, imel, sa hannu. Ana cika ta don a san waɗanda suka halarta, ko don a nuna wa masu ɗaukar nauyin taron. Bayan an watse takardar takan kwanta a jakar mai horarwa. Ranar da ya yanke shawarar buɗe darasi ta intanet ko wasiƙar mako-mako, ita ce abu na farko da ke faɗo masa a rai, tunda ga adireshi ɗaruruwa a hannu ba tare da wata wahala ba.

Wannan babi zai bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka wata malama ce a unguwar Yelwa, tana koyar da ƙananan 'yan kasuwa yadda ake rubuta shiga da fita, da yadda ake raba uwar kuɗi da riba. Ɗalibanta masu shaguna ne a babbar kasuwar Garwa, da mata masu sana'a a gida, da wasu daga Pitoa, Guider da Marwa, har da 'yan tsallaken iyaka daga Yola da Mubi. Tana son ta riƙa aika wasiƙa kowace Juma'a da Hausa da Faransanci, sannan ta sayar da darasi na mako shida wanda za a biya ta MTN MoMo ko Orange Money. A jakarta akwai takardun halarta masu ɗauke da adireshi 400.

Shawarata gare ta ita ce kada ta zuba ko ɗaya daga cikin adireshin nan 400 a jerin masu karɓar wasiƙar. Mutanen sun rubuta su ne don shaida cewa sun zo taro, ba su ce a riƙa aiko musu da saƙo duk mako ba. Abin da aka ba ka domin wata buƙata ba ka da ikon karkatar da shi zuwa wata sai ka koma ka tambayi mai shi, kuma a Kamaru yanzu wannan ya wuce maganar ladabi kawai. Tun ranar 21 ga Disamba 2010 ƙasar ke da doka mai lamba 2010/021 kan kasuwanci ta intanet, wadda ta hana aika wa mutum saƙon talla kai tsaye ta imel ba tare da ya amince tun farko ba. Sai kuma ranar 23 ga Disamba 2024 aka sa hannu kan doka mai lamba 2024/017 ta kare bayanan mutane, wadda ta tanadi kafa hukuma mai sa ido, ta kuma ba masu riƙe da bayanan jama'a wata 18 su daidaita aikinsu, wato zuwa watan Yuni na 2026. Ɗalibanta na Yola da Mubi suna da tasu dokar, wadda Najeriya ta kafa a 2023. Idan wani ɗan Garwa da ke zaune a Faransa ya shiga darasin, Turai na da tata ƙa'idar da ta fara aiki a watan Mayun 2018. Lafazin dokokin ya bambanta, amma sun haɗu a kan abubuwa kaɗan: a gaya wa mutum me za a yi da bayanansa, ya yarda da kansa, a karɓi iya abin da ake bukata, kuma ya iya janyewa duk lokacin da ya ga dama.

Ko da babu doka, akwai dalili na biyu da ya ishe ta, wanda ya shafi yanayin imel a arewacin Kamaru. Mutane da yawa a nan ba su buɗe imel don su karanta wasiƙa ba. Sun sayi waya ne, mai shagon ko wani yaro a gida ya buɗe musu Gmail don wayar ta yarda a sauke WhatsApp, shi ke nan. Wasu ba su san kalmar sirrin ba, wasu sun canza waya an sake buɗe musu sabo, tsohon na nan ba mai leƙa shi. Ga kuma kuskuren rubutu da biro: sifili ya koma harafin o, ɗigo ya ɓace. Akwai wani kuskure da ya fi kama 'yan Kamaru, saboda hannunsu ya saba da `.cm`, alamar ƙasarsu a intanet, sai su rubuta `gmail.cm` a madadin `gmail.com`. Harafi ɗaya ne ya faɗi, amma wasiƙar ba za ta taɓa isa wurin mai ita ba. Saboda haka adireshi 400 ɗin nan ba masu karatu 400 ba ne. Wasu matattu ne, wasu na wasu mutane ne dabam da ba su taɓa jin sunan malamar ba.

Abin da za ta yi da takardun shi ne ta bar su a matsayinsu na shaidar halarta. A zaurukan WhatsApp da ɗalibanta suka shiga da kansu, da kuma a horo na gaba, sai ta sanar cewa ta buɗe wasiƙa, ga adireshin shafin, mai so ya je ya sa kansa.

Shafin da za su je bai bukatar ya zama babba. Tana bukatar suna nata na kanta a intanet, wanda ake biya duk shekara. Idan tana son mai ƙarewa da `.cm`, hukumar ANTIC ce ke kula da shi, ana kuma saye ta hannun dillalan da ta amince da su. Ta tabbata an yi rajistar da sunanta da imel ɗinta, ba da sunan yaron da ya haɗa mata shafin ba, domin ranar da suka saɓa ko ya tafi Duwala neman aiki, shafin da duk abin da ke rataye da shi sun tafi tare da shi. Sai wurin ajiye shafin, da manhaja irin WordPress ko ma shafi guda ɗaya tsura. Dole adireshin ya fara da `https`, don abin da mutum ya rubuta a fom ya tafi a rufe. Let's Encrypt na bayar da wannan kyauta, kuma yawancin kamfanonin ajiye shafi suna kunna shi da maɓalli ɗaya. Shafin ya zama mara nauyi. Mai karatunta yana kan waya ne, da data da ya saya ta kwana ɗaya, wataƙila kuma an ɗauke wuta tun safe yana tattalin caji. Babban hoto ko bidiyo mai kunna kansa zai kore shi kafin ya ga fom ɗin.

Fom ɗin shi ne inda ya kamata a zauna a yi tunani. Ga yadda zai iya kasancewa:

```html
<form method="post" action="/shiga">
  <label>Imel ɗinka <input type="email" name="email" required></label>
  <label><input type="checkbox" name="yarda" required>
    Na yarda a aiko mini da wasiƙar Juma'a kan lissafin kasuwanci.
    Zan iya fita duk lokacin da na so.</label>
  <button>Shiga</button>
</form>
```

A lura da abin da babu a ciki. Babu lambar waya, babu ranar haihuwa, babu unguwa, babu tambayar ƙabila ko addini ko yawan jarin mutum. Wasiƙa na bukatar adireshi kawai; idan tana son ta riƙa gaishe da mutum da sunansa, ta ƙara gurbin suna amma kada ta wajabta shi. Duk abin da ta karɓa ya zama nauyi a wuyanta, sai ta tsare shi, kuma abin da ba ta karɓa ba ba zai taɓa fita daga hannunta ya cutar da kowa ba. A lura kuma akwatin yarda a buɗe yake, mutum ne zai taɓa shi da yatsansa. Wasu masu haɗa shafi suna barin sa a cike tun farko don jerin ya yi saurin girma, amma wanda bai cire alama ba ba a ce ya yarda ba, bai dai lura ba ne. Jimlar da ke jikin akwatin ta faɗi abu uku a fili: me za a aiko, sau nawa, da cewa ƙofar fita a buɗe take. Tunda masu karatunta wasu Faransanci suka yi a makaranta, wasu Hausa suka fi ganewa, ta rubuta jimlar da harsunan biyu. Yardar da aka bayar cikin harshen da mutum bai gane ba ba ta da wani ƙarfi.

A ƙarƙashin fom ɗin sai mahaɗi zuwa gajeren bayani, wanda bai kamata a kwafo shi daga shafin wani kamfanin Turai ba. Sakin layi biyu sun isa: wace ce ita da yadda za a same ta, me take karɓa, don me, wane kamfani ne ke riƙe mata jerin kuma a wace ƙasa yake, har yaushe take ajiyewa, da yadda mutum zai nemi a nuna masa bayanansa, a gyara, ko a goge. Batun ƙasar da kamfanin yake ba ƙaramin abu ba ne. Brevo, wanda da ake kira Sendinblue, na Faransa ne, Mailchimp kuma na Amurka, don haka adireshin ɗan kasuwar Pitoa zai tsallaka teku ya zauna a can. Dokar 2024 ta gindaya sharaɗi kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, saboda haka ya dace ta karanta wannan sashe ko ta tambayi lauya, ta kuma faɗa wa masu shiga gaskiyar inda adireshinsu zai je.

Yanzu ga matakin da ya fi kowane muhimmanci, wato tabbatarwa ta biyu. Idan mutum ya cika fom, bai shiga jerin ba tukuna. Saƙo guda ɗaya ne zai tafi adireshin da ya rubuta, ɗauke da mahaɗi, sai ya taɓa mahaɗin sannan sunansa ya hau. A kamfanonin aika wasiƙa ana samun wannan a ƙarƙashin sunan `double opt-in`, kuma a wasunsu sai an kunna shi da hannu. Wannan mataki ɗaya yana tace kusan duk matsalolin da muka lissafa. Wanda ya rubuta `gmail.cm` ba zai sami saƙon ba, don haka adireshin banza bai shiga ba. Wanda bai san kalmar sirrinsa ba ba zai taɓa mahaɗin ba. Idan wani ya sa adireshin abokin gabarsa don ya dame shi, mutumin zai ga saƙo ɗaya ya share, magana ta ƙare. Haka nan manhajojin da ke yawo a intanet suna cika fom da adireshin mutane barkatai, ba za su iya cusa mata kowa ba. Sannan kamfanin zai ajiye mata rana da lokacin da kowane mutum ya tabbatar, wanda shi ne hujjarta idan wata rana wani ya ce bai taɓa yarda ba.

Wannan tsari yana da tsadarsa, kuma ba zan ɓoye ba. Mu ce mutum 150 suka cika fom a watan farko, 90 suka tabbatar. Ganin 60 sun zube zai yi mata ciwo, wani ma zai ba ta shawarar ta kashe matakin. Abin da ya fi shi ne ta rage asarar ta hanyar da ta dace. Shafin da ke fitowa bayan an taɓa maɓalli kada ya ce «Mun gode» kawai, domin mutum zai ɗauka ya gama. Ya ce: saura mataki ɗaya, buɗe manhajar Gmail a wayarka yanzu, nemi saƙo daga wance, in ba ka gani ba duba cikin `Spam` ko `Promotions`. Ya kuma nuna masa adireshin da ya rubuta da manyan baƙaƙe, don in akwai kuskure ya gani ya gyara. A horon ido da ido tana iya ware minti goma a yi abin tare, kowa da wayarsa a hannu. Waɗanda suka wuce wata guda ba su tabbatar ba, a ganina ta goge su gaba ɗaya, ba ta da dalilin riƙe adireshinsu.

Mutum 90 ba su da yawa, sai wani ya ce me zai hana ta aika daga Gmail ɗinta kawai. Abu biyu ne. Gmail na kyauta yana tsayar da mutum a wajen saƙo 500 a rana, kuma ba shi da hanyar fita ta kai tsaye ga mai karɓa. Amma babban haɗarin shi ne ranar da za ta yi sauri ta zuba adireshin duka a layin `À` ko `Cc` maimakon `Cci`. A daƙiƙa ɗaya kowa ya ga adireshin kowa, kuma ba a iya janye saƙon. A gari irin Garwa, inda mutane suka san juna, wannan na iya nufin wata matar aure da ke koyon sana'a a cikin sirrinta ta wayi gari adireshinta na hannun maza 50 da ba ta sani ba. Kamfanin aika wasiƙa yana tura wa kowa nasa dabam, don haka wannan kuskure ba ya yiwuwa. Tsarin Brevo na kyauta ya daɗe yana barin a aika saƙo 300 a rana, wanda ya ishi mai farawa.

Saura a sa wasiƙar ta isa akwatin da ake karantawa. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗansu: suna son hujjar cewa saƙon ya fito da gaske daga sunan da ke jikinsa. Idan malamar ta aika ta hanyar kamfani amma ta sa adireshinta na `@gmail.com` a matsayin mai aikawa, hujjar ba za ta daidaita ba, domin ba Google ne ya aika ba. Don haka take bukatar adireshi a kan sunan shafinta. Kamfanin zai ba ta wasu layuka da za ta kwafa ta liƙa a sashen DNS na wurin da ta sayi sunan. DKIM sa hannu ne da ake liƙa wa kowane saƙo, SPF jerin waɗanda aka yarda su aika da sunanta ne, DMARC kuma shi ke gaya wa Gmail abin da zai yi idan hujjar ta faɗi. Na farawa yakan yi kama da wannan:

```
_dmarc.example.com  TXT  "v=DMARC1; p=none; rua=mailto:rahoto@example.com"
```

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ƙara layin SPF na biyu alhali akwai na farko. Ƙa'idar ba ta yarda da biyu ba, sai a haɗe su a layi ɗaya. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce. Ta aika wa kanta wasiƙar gwaji, ta buɗe ta a Gmail a kwamfuta, ta zaɓi `Afficher l'original`. Idan ta ga `PASS` a gaban DKIM da DMARC, aikin ya yi. Idan ta ga `FAIL`, ko dai an kwafi layin da kuskure, ko kuma bai gama yaɗuwa ba, a jira wasu sa'o'i a sake gwadawa.

Akwai wani adadi a cikin sharuɗɗan Gmail da ya kamata ta riƙe: waɗanda suke taɓa maɓallin ƙorafi su ce saƙonta shara ne kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Mu auna shi da takardun jakarta. Da ta zuba adireshi 400 ɗin nan, mutum 2 kacal ne za su ce ba su san wannan ba su taɓa maɓallin, ta riga ta kai kashi 0.5. Ga kuma matattun adireshin da za su dawo da saƙo, waɗanda kamfanin ke lissafawa a ƙarƙashin `hard bounce`. Idan suka yi yawa a aikawar farko, kamfanin na iya dakatar da asusunta ya nemi ta kawo shaidar inda ta samo jerin, ita kuma ba ta da ita. Mafi muni, sunan shafinta zai ɓaci a wajen Gmail, har waɗanda suka nemi wasiƙar da gaske su daina ganinta. Alamomin da za ta riƙa dubawa bayan kowace Juma'a su ne waɗannan biyun, dawowar saƙo da ƙorafi, sai kuma ɗalibi ya ce mata ya tsinci wasiƙar a `Spam`. Adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo kada ta dogara da shi sosai, tun 2021 wayoyin Apple ke buɗe hotunan saƙo da kansu ko mai wayar bai karanta ba.

Mahaɗin fita ya kasance a ƙasan kowace wasiƙa, da rubutun da ido ke gani, kuma taɓawa ɗaya ta wadatar, ba tare da neman kalmar sirri ko tambayar dalili ba. A al'adarmu fita daga abin malami da nauyi, mutum zai ji kunyar a ga ya janye. Wanda ya ji kunyar fita ta ƙofa shi ne zai taɓa maɓallin ƙorafi a ɓoye, don haka ta rubuta a sarari cewa fita ba laifi ba ne kuma ba za ta bi kowa da tambaya ba. Idan wani ya gaya mata da baki a kasuwa, ko ta WhatsApp, cewa a cire shi, wannan ma fita ce, ta cire shi a ranar. In kuma sun haɗu a biki kada ta ce masa ta ga ya fita.

Darasin da ake biya yana da nasa jerin dabam. Wanda ya tura kuɗi ta MoMo ya ba ta suna da lambar waya da imel don ta aiko masa da darussa da rasit, kuma wannan bai sa shi cikin wasiƙar Juma'a ba sai ya taɓa akwatin da ya keɓanta da ita. Haka nan mai karɓar wasiƙa bai ba ta izinin jefa shi a zauren WhatsApp ba, inda kowa ke ganin lambar kowa. Ta aika masa da mahaɗin zauren ya shiga da kansa in yana so. Idan cikin masu rajista akwai yaran makarantar sakandare, ta nemi yardar iyayensu kafin ta karɓi komai.

Wata rana wani mai shagon waya ko mai shirya taro zai zo ya ce: «Malama, ki ɗan ba ni jerin nan naki, sanarwa ɗaya kawai zan tura.» Wataƙila ɗan'uwa ne ko maƙwabci, ƙin yi masa da wuya. Amsar da ba za ta ɓata zumunci ba ita ce: «Alhaji, jerin ba nawa ba ne da zan bayar, amma kawo sanarwar, in ta dace da masu karatuna zan sa ta a wasiƙar Juma'a da sunanka.» Haka ya sami abin da yake nema, adireshin kowa bai fita ba.

Jerin kan fita ta wata hanyar ma ba tare da an roƙa ba. Kamfanonin suna barin a sauke shi duka a fayil ɗin `CSV`, kuma fayil ɗin da aka sauke a kwamfutar shagon buga takardu yana nan a cikin `Téléchargements` bayan an tashi, duk wanda ya zauna zai iya buɗe shi. Kada ta shiga asusun daga kwamfutar haya. Ta sa masa kalmar sirrin da ba ta amfani da ita a ko'ina, ta kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ta rubuta lambobin ceto a takarda ta adana a gida saboda ranar da waya ta ɓata. Idan tana da mai taimaka mata, ta buɗe masa tasa ƙofar shiga mai iyakantaccen iko in tsarin da take kai ya bada dama, ta kuma rufe ta ranar da ya bar aikin. Takardun halarta na jakarta kuwa, da zarar an gama rahoton taron da aka cika su dominsa, ta mayar wa masu taron ko ta ƙona su.